Na fitar da hirar guruf ɗinmu, amma tsoffin saƙonni ba su fito ba

"Assalamu alaikum. Ni ce ke riƙe da lissafin guruf ɗinmu na adashe da sautun kaya a WhatsApp. Wasunmu suna Makka da Jidda, wasu suna Kano da Maraɗi, kuma tun 2021 aka buɗe shi. An samu saɓani a kan wani zubi na 2022, sai ɗana ya nuna min yadda ake fitar da hirar gaba ɗaya. Da na fitar tare da hotuna, na wata huɗu kawai na gani, kuma imel ya ƙi ɗauka. Da na fitar ba hotuna, ya koma baya shekara ɗaya da 'yan watanni ya tsaya. Alhali in na ja sama a wayata ina ganin tsoffin. Wayar ce ta lalace, ko ni ce ban iya ba? Android ce." Wata Hajiya daga Makka.

Wa alaikumus salam, Hajiya. Wayarki lafiya lau, kuma abin da ɗanki ya nuna miki daidai ne. Iyakar da WhatsApp ya sanya ce kika ci karo da ita. A bayanin da kamfanin ya daɗe yana bayarwa game da Android, idan aka fitar da hira ba tare da hotuna ba, saƙo 40,000 na baya-bayan nan ake samu, idan kuma aka haɗa da hotuna da sauti, 10,000 ne kacal. Dalilin da suka bayar shi ne girman abin da imel ke iya ɗauka. Abin da ke ruɗa mutane shi ne ba ya gaya miki ya yanke. Zai miƙo miki fayil kamar komai ya kammala, sai kin buɗe kin duba layin farko sannan ki gane.

Ki lura da abu biyu a cikin wannan iyaka. Yawan saƙo ake ƙirgawa, ba kwanaki ko shekaru ba, kuma daga na yau ake fara ƙirgawa a koma baya. Kamar mai awo ne da ke ɗiba daga saman buhu: in mudun da aka ce ya cika sai ya ɗaure bakin buhun, na ƙasa yana nan ba a taɓa shi ba. Shi ya sa kike ganin saƙonnin 2022 a waya amma babu su a fayil.

Da abin da kika faɗa ma ana iya ƙiyasta yawan surutun guruf ɗinku. Mu ɗauka ana turo saƙo 90 a rana. In aka raba 10,000 da 90, kwana 111 ke nan, wata huɗu ba kaɗan. In aka raba 40,000 da 90, kwana 444 ne, wato shekara ɗaya da wata biyu da rabi. Kin ga ya yi daidai da inda fayilolinki biyu suka tsaya. Saƙo 90 a rana kuwa ba wani abu ba ne ga guruf mai mutum talatin ko arba'in, don sitika saƙo ce, "amin" saƙo ne, hoton barka da Juma'a saƙo ne. Wanda ya rubuta "salam", ya tura, "ya gida", ya tura, "na saka kuɗin", ya tura, ya ci gurbi uku. Ni aikin kwamfuta da ajiyar lissafi nake yi a wani ofishin kago a Jidda, kuma guruf ɗin masu aiko da kaya da nake fitar wa hira, in na tace, maganar kuɗi da kaya 'yar kaɗan ce a cikin gaisuwa da addu'o'i. Ba laifi ba ne, zumunci ne, amma shi ke ture tsohon lissafi waje.

Abin da ke cikin fayil ɗin

Ga masu karatun da ba su taɓa yi ba: a Android ana buɗe guruf ɗin, a danna ɗigo ukun nan na sama, sai `More`, sai `Export chat`, sannan a zaɓi `Without media` ko `Include media`. Idan wayar da Larabci take, kamar ta yawancin mutanenmu a nan, ɗigo ukun suna ɓangaren hagu. A iPhone sunan guruf ɗin ake dannawa a sama, a gangara ƙasa zuwa `Export Chat`, a zaɓi `Attach Media` ko `Without Media`. A yi shi a ainihin wayar da lambar ke kai, don kwamfuta ko waya ta biyu da aka jona ba ta riƙe tarihin duka.

Abin da ke fitowa rubutu ne zalla, fayil mai ƙarewa da `.txt`, wani lokaci a ƙunshe cikin `.zip`. Kowane saƙo da kwanan watansa da lokacinsa da sunan wanda ya turo. Na Android, in ba a haɗa hotuna ba, haka yake kama:

```
14/03/2024, 21:07 - Maman Ummi: Na saka riyal 500
14/03/2024, 21:08 - Maman Ummi: <Media omitted>
14/03/2024, 21:15 - Maman Sadik: This message was deleted
```

Layi na biyun nan shi ne matsalar irin guruf ɗinku. A wurin akwai wani abu, amma fayil ɗin bai ce ko hoton rasit ne, ko saƙon murya, ko sitika ba. Mutanenmu kuwa da murya suke ciniki. Hajiya za ta yi minti biyu tana bayanin abaya nawa take so, wane launi, nawa ta tura ta hannun wa, duk ya koma kalma biyu a cikin fayil. Na iPhone ya ɗan fi, don yana bambancewa, ya rubuta `image omitted` ko `audio omitted`. Idan aka haɗa da hotuna, a Android layin yakan koma haka:

```
14/03/2024, 21:08 - Maman Ummi: IMG-20240314-WA0012.jpg (file attached)
14/03/2024, 21:20 - Maman Sadik: PTT-20240314-WA0003.opus (file attached)
```

Hoton ba ya shiga cikin rubutun. Yana gefe a matsayin fayil daban, sunansa ne kawai ke haɗa shi da layinsa. Don haka kada ki canza sunayen hotunan bayan kin fitar, in kika canza kin raba rasit da mai shi. Mai farawa da `PTT` saƙon murya ne, kuma in kwamfuta ta ƙi kunna `.opus`, manhajar VLC tana kunnawa.

Akwai abubuwan da ba sa fitowa ko da saƙon yana cikin iyaka. Hoton da aka turo na gani-sau-ɗaya ba ya fita. Hoton da ba ki taɓa saukewa ba, ko wanda kika goge don wayar ta cika, ba shi a wayar balle ya bi fayil. Alamar babban yatsa da kike ɗora wa rasit don nuna kin karɓa ba ta fitowa, haka ma in kin amsa wani saƙo ta hanyar jan sa, amsar za ta fito ita kaɗai ba tare da nuna wa kike amsa wa ba. Sai ki ga layi yana cewa "na gani, ya shiga" tsakanin rasit uku na mutum uku. Shi ya sa nake ce wa masu riƙe lissafi su riƙa rubutawa cikakke: "Na karɓi riyal 500 na Maman Ummi, zubin Maris." Layi ɗaya ne, amma ko bayan shekara biyar yana tsaye da ƙafarsa.

Iyakar ƙirga daban, iyakar nauyi daban

Ƙin da imel ya yi wata iyaka ce ta biyu, ba ta WhatsApp ba. Rubutu ba shi da nauyi. In kowane layi, da kwanan wata da suna, ya ci bait ɗari, saƙo 40,000 megabait huɗu ne kawai. Ko da Larabci ya yi yawa a ciki, wanda kowane harafinsa ke cin bait biyu kamar ɗ da ƙ namu, ba zai kai ya gagari imel ba. Hotuna da bidiyo su ne kaya. Hoton rasit da WhatsApp ya matse bai cika kai rabin megabait ba, saƙon murya na minti ɗaya ma haka, amma bidiyo ɗaya na minti biyu da aka ɗauka a shago ana nuna jallabiyoyi zai iya rinjayar rasit hamsin. Gmail megabait 25 yake ɗauka a wasiƙa ɗaya. Ƙari a kan haka, imel yana sake shirya abin da aka liƙa masa kafin ya tura, nauyin ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku, don haka abin da ke megabait 20 a wayarki yana iya kai 27 a hanya, akwatin wanda kika tura wa ya mayar da shi.

Maganin wannan mai sauƙi ne: kada ki zaɓi imel. Bayan kin danna `Include media`, jerin wuraren turawa zai fito. Ki zaɓi Google Drive, ko ki ajiye a cikin wayar, ko ki tura wa kanki a WhatsApp, wanda tun 2022 yake ɗaukar fayil har gigabait biyu. Ki tuna gigabait 15 ɗin kyauta na Google tare ake cin su da Gmail da hotunanki, kuma tun 2024 ajiyar hira ta WhatsApp a Android, wato `Chat backup`, ma a ciki ake lissafa ta, don haka in Drive ya ƙi karɓa, ki fara duba ko wurin ne ya cika. Ki yi a kan waifai, waya a caji, kuma da wadataccen wuri a cikinta, don sai ta haɗa kayan a cikin kanta kafin ta tura. Wayar da ta riga ta cika takan tsaya tana juyawa, daga baya ta koma guruf kamar ba a ce mata komai ba. Kafin ki fara, ki shiga `Settings`, `Storage and data`, `Manage storage`, za ki ga nauyin kowace hira. In guruf ɗinku ya kai gigabait uku, kin san ba zai taɓa fita a tafi ɗaya ba.

Sai dai canza hanyar turawa ba ya ɗage iyakar 10,000. Ko Drive kika zaɓa, WhatsApp ya riga ya yanke kafin ya miƙa. Kuma a Android hotunan baya-bayan nan yake haɗawa, ba lallai ne duk na cikin wata huɗun su biyo ba. Yadda nake tantancewa: in buɗe rubutun a Word, in danna `Ctrl+F`, in nemi `file attached`, ya ba ni adadi, sannan in ƙirga fayilolin da suka zo, in kuma duba kwanan watan mafi tsufa a cikinsu. In hira ta fara daga Nuwamba amma hoto mafi tsufa na Janairu ne, rasit ɗin wata biyu sun rage a waya.

Shi kansa rubutun, layin farko ne ke nuna ko ya cika. Fayil ɗin da ya kai tushe yakan fara da sanarwar nan ta `Messages and calls are end-to-end encrypted`, sai layin da ke cewa wance ta buɗe guruf ko ta saka ki. In ya fara da tsakiyar zance, wata tana cewa "to Allah ya kai mu", an yanke.

Yadda za a kai ga 2022

Shawarata ta farko, ki daina neman fitar da shekarun duka. Saɓanin a kan zubi ɗaya ne, abin da kike buƙata bai wuce na mako ɗaya ko biyu ba. Ki buɗe guruf, ki shiga `Search`, za ki ga 'yar alamar kalanda, ki zaɓi ranar da kike so, zai kai ki can kai tsaye ba sai kin gaji da ja ba. In ba ki tuna ranar ba, ki nemi adadin kuɗin ko sunan watan. Da kin isa, ki danne saƙo ɗaya, ki bi ki zaɓi sauran, ki kwafa. Idan saƙon ya fi ɗaya, WhatsApp yana kwafowa da suna da lokacin kowanne. Ki manna a wani wuri, ki rubuta shekarar da hannunki a sama, don kwafin ba kullum yake ɗauko ta ba. Sannan ki ɗauki hoton allon wayar a jere, kowane hoto ya haɗa da layin ƙarshe na wanda ya gabace shi, don kada a ce an tsallake wani abu. Rasit ɗin da saƙonnin murya na makon ki tura su ɗaya bayan ɗaya zuwa Drive. Aikin rabin awa ne, kuma don sasanci ya fi fayil mai layi 40,000 amfani, wanda in aka ce za a buga shi a takarda, a layi hamsin kowane shafi, shafi 800 ne. Ba dattijon da zai karanta.

In kuma ana son tarihin duka don ajiya, ki tambaya wa ke da iPhone a cikin waɗanda aka fara da su. A fayilolin da ake kawo min, na iPhone sukan wuce inda na Android ke tsayawa, kuma sukan haɗa hotuna da yawa a cikin `.zip` ɗaya, rubutun yana ciki da sunan `_chat.txt`. Ba zan yi miki alkawarin zai kai 2021 ba, layin farko ne zai faɗa. Sharaɗin shi ne mai wayar tana cikin guruf ɗin tun lokacin, kuma ba ta taɓa rasa hirarta wajen canjin waya ba. Kowa abin da ke cikin wayarsa yake fitarwa. WhatsApp ba ya riƙe da kwafin hirarku a wurinsa, don haka babu ofishin da za a rubuta wa a ce a aiko da na 2022.

Akwai wata dabara da mutane ba sa tunawa da ita: wadda ta fita daga guruf ɗin. A ce wata ta kwashi adashenta a tsakiyar 2023 ta fita, amma ba ta goge hirar ba. A wayarta saƙon ƙarshe na 2023 ne, don haka 40,000 ɗinta daga can za su fara komawa baya, kuma da lissafinmu na kwana 444 za su kai wajen Afrilun 2022. In aka haɗa nata da naki, sai a ga abin da ya rage a tsakiya. A guruf ɗin adashe kuwa ba a rasa wadda ta fita.

Za ki ji ana cewa a goge sababbin saƙonni domin tsofaffin su shigo cikin iyaka, a fitar, sannan a dawo da ajiya. A lissafi yana aiki. A aikace, zaɓen dubban saƙonni da hannu ake yi, kuma in wayar ta yi ajiyarta ta dare kafin ki dawo da tsohuwar, sabuwar mai giɓi za ta hau kanta. Ke da ke riƙe da amanar kuɗin mutane, ban ba ki shawarar ki gwada ba. Haka manhajojin da ke alkawarin fitar da komai, ko kwaikwayon WhatsApp da ake sakawa daga waje: wasu suna sa a rufe lamba, kuma duka sai kin ba su damar karanta hirar mutane arba'in da ba su san an yi ba. Akwai hanyar kwance ma'ajiyar saƙonnin a kwamfuta, amma aikin gwani ne, ya dogara da irin wayar, kuma ba abin da zan koyar a rubuce ba ne ga wayar da ban riƙe a hannuna ba.

Tsoffin hotuna kuwa, in ba a goge su ba, suna nan a Android ko ba a fitar da hira ba. A sababbin wayoyi ga inda suke:

```
Android/media/com.whatsapp/WhatsApp/Media
```

A ciki akwai `WhatsApp Images` da `WhatsApp Voice Notes` da `WhatsApp Documents`. Na dukan hirarrakinki ne a gauraye, ba na guruf ɗaya ba, amma da yake kwanan wata na cikin sunan, duk wanda ya fara da `IMG-202205` na Mayun 2022 ne. Ana jona wayar da kwamfuta a kwafe.

In za a kai fayil ɗin gaban mutane

A nan nake so ki nutsu, don na ga inda fayil ya ƙara rikici maimakon ya kashe shi. Lokacin da ke jikin kowane layi agogon wayar da ta fitar ne. Saudiyya tana gaban Najeriya da Nijar da awa biyu. A ce ƙa'idarku zubi ya shiga kafin wata ya ƙare, wata a Kano ta turo rasit ƙarfe 11:30 na daren 31 ga Maris. A fayil ɗinta 31 ga Maris ne. A naki na Makka zai fito 1 ga Afrilu, ƙarfe 1:30 na dare. Fayil biyu, rana biyu, wata biyu, kuma ba wadda ta yi ƙarya. Tsarin rubuta kwanan watan ma ya danganta da saitin waya: wata tana sa rana kafin wata, wata tana sa wata kafin rana, don haka `03/04` yana iya zama 3 ga Afrilu ko 4 ga Maris. Ki nemi layin da lambarsa ta haura 12, shi zai nuna miki wane gurbi ne na rana. Wayar da ke kan Larabci kuma tana iya fito da lambobin Larabci da ص da م, kuma kalmomin da na nuna a sama su ma su fito da Larabci, sai neman `file attached` ya ce babu komai. Mafi sauƙi, a mayar da harshen wayar Turanci kafin a fitar, a dawo da shi bayan an gama. In kin buɗe a kwamfuta kika ga Larabcin da haruffanmu masu lanƙwasa sun zama tarkace, fayil ɗin bai lalace ba, a sake buɗewa a zaɓi `UTF-8`.

Sunayen ma naki ne. Yadda kika ajiye mutum a wayarki haka zai fito a kowane layi. In kin ajiye wata da "Mai Jan Bashi", to haka za a karanta a gaban mijinta. Ki gyara kafin ki fitar. Wadda ba ki ajiye lambarta ba, lambar ce za ta fito.

Sannan `.txt` rubutu ne da kowa zai iya buɗewa ya mayar da 500 ta koma 5,000, ba tare da wata alama ba. Don haka shi kaɗai ba hujja ba ce mai ƙarfi, kuma wadda ake saɓani da ita tana da gaskiya in ta ce ba ta yarda da shi ba. Abin da ke ba shi ƙarfi shi ne a samu mutum biyu ko uku kowacce ta fitar daga wayarta a kwatanta, kuma asalin saƙon yana nan a waya ana iya buɗewa a nuna. Kada ki goge guruf ɗin don kin fitar da shi. Fayil ɗin ba ya komawa cikin WhatsApp, karantawa kawai ake yi, ba madadin `Chat backup` ba ne. In maganar ta wuce sasancin gida ta nufi hukuma, lauya ne zai gaya miki irin shaidar da ake karɓa, wannan ba fagena ba ne. Abin da zan ce kawai, da zarar hira ta fita daga WhatsApp ba ta da kulle, duk wanda ya samu fayil ɗin ya samu maganganu da lambobin kowa, kuma Saudiyya tana da dokar laifukan intanet tun 2007 da ta shafi shiga sirrin mutane da ɓata suna. Ki sanar da 'yan guruf kafin ki ba wani, kuma ki ba shi iya ɓangaren da ya shafi maganar.

Wata rana kina iya danna `Export chat` ya ƙi. Tun Afrilun 2025 akwai wani saiti mai suna `Advanced chat privacy`, in aka kunna shi a guruf ba wanda zai iya fitar da hirar. Yana cikin bayanan guruf ɗin, kuma in an kunna sanarwa takan fito a cikin hira. Ki duba `Disappearing messages` ma a wurin. In wani ya sa shi a awa 24 ko kwana 7 ko kwana 90, saƙonnin da aka turo daga lokacin suna gogewa da kansu, kuma abin da ya goge babu fayil ɗin da zai dawo da shi. Guruf ɗin kuɗi bai kamata ya kasance a kunne ba.

Daga yanzu, tunda 10,000 ɗinku ba ta kai wata huɗu ba, ki riƙa fitarwa duk wata uku, sau biyu a zama ɗaya: ɗaya da hotuna, ɗaya babu. A azumi da lokacin aikin Hajji, da sautu ke yawa kuma gaisuwa ke ninkuwa, ki mayar da shi duk wata. Kowane fitarwa ki buɗe masa jaka a Drive mai ɗauke da kwanan wata, kamar `adashe-2025-06-30`, don sunan da WhatsApp ke ba fayil ɗin ɗaya ne kullum, sabo yana iya hawa kan tsoho. Ki tabbata farkon sabon ya shiga cikin ƙarshen na baya, maimaici ba ya cutarwa. In kuma 'yan guruf za su yarda, ku buɗe na biyu na rasit zalla, ba gaisuwa, ba sitika. Mutum arba'in, kowacce rasit ɗaya da amsarki ɗaya a wata, saƙo 80 ke nan, 960 a shekara, kuma sai ya shekara goma kafin ya taɓa iyakar 10,000.